Rigar Jaji Ta Tsaya a Kafaɗa

Masu cewa tsawo da kilo sun isa a san rigar mutum, ku tambayi Zulfa, tela a Mayahi! Shekara tara tana ɗinki, ba ta gwada maza da hannunta. Tsawo da nauyi take tambaya, ta duba jadawalin awo a waya. Haka ta ɗinka wa Jaji makiyayi rigar angonci. Ana gobe biki, riga ta ƙi wuce kafaɗa.

"Hajiya, da singileti zan fita?" in ji Jaji.

Jadawali bai san da jan guga Jaji ya girma ba, nauyinsa duk a kafaɗa yake. Ta farke, ta ƙara ƙyalle, ango ya samu rigarsa. Yanzu ba ta yanka yadi sai an kawo tsohuwar riga. Teloli, ku yi magana, ya kuke yi?