Shafi Uku Cikin Takwas

Gonar da mijina ya bar mana tana gangarawa har bakin rafi, a hanyar da ke ɓullewa dajin Falgore. Daga ƙasa akwai wani tsiri mai kunya kamar ashirin, ƙasa baƙa mai riƙe danshi, inda masara ke fin ko'ina kyau. A kan tsirin nan muka samu saɓani da makiyayan da ke zaune bayan tudu. Su sun ce burtali ne, wato hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, gona ce ta yi ta ci a hankali. Ni na ce tun da aka kawo ni gidan nan nake ganin ana noma wurin.

Maganar ta kai gaban kwamitin sulhu. Da rani suka zo, mutum biyar da magatakarda. Suka saurare ni, suka saurari shaiduna biyu, suka saurari ardon makiyaya da nasa shaidun, sannan suka zagaya wurin da igiyar awo. Da za su tafi suka ce kada kowa ya taɓa tsirin, ba shuka ba kiwo, sai takardar hukunci ta fito.

Ba ta fito ba sai da aka yi ruwan shuka. Ƙanena ne ya je karɓowa a kan babur. Ya dawo wajen azahar, ya miƙa wa babban ɗana ambulan, ya ce an gurza masa kwafi a shago, injin wuta ya mutu ana tsakiyar aiki, mai shagon ya haɗa masa abin da ya fito. Shi a ganinsa an gama, tunda ga hatimi nan a shafin farko.

Ni ban yi makaranta ba, ɗana ma da Turanci sai kame-kame. Matarsa ce mai karatu a gidan, tana koyarwa a firamare, Malama muke ce mata. Aka kira ta, ta durƙusa a gefen tabarma ta karanta a zuci. Ina kallon idonta. Ta kai ƙarshen takarda ta uku, ta juya bayanta, ta leƙa cikin ambulan, sannan ta kalli mijinta.

"To me aka ce?" in ji shi. "Taƙaita mana, ba sai kin bi layi-layi ba."

Ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "An rubuta cewa gonar ta gidan nan ce tun kakanni. Iyakarta ta ƙasa ita ce rafi. An rubuta cewa shanu ba su fara bi ta wurin ba sai bayan da aka toshe tsohuwar hanya ta wajen ɗorawar da aradu ta tsaga."

Ɗana ya miƙe tsaye. "Alhamdu lillahi! Kawu, ka ji ko? Gobe da sassafe mu shiga da sungumi."

Ƙanena ya ce, "Ai tun a hanya na ji a jikina. Takardar ma nauyinta daban."

Na ce, "Shafi uku ne ke da nauyi? Zauna."

Abin da ya tsaya mini shi ne ɗorawar nan. An sare ta tun ɗana yana goye. Ba wanda ke kiran wurin haka sai ni, kuma ni na faɗa wa kwamiti ranar da suka zo, har magatakarda ya sa na maimaita.

Na ce, "Malama, wannan maganar ta ɗorawa, bakin wa ce?"

Ta sunkuyar da kai kan takardar.

"Tambayarki nake. Kwamiti ne ya faɗa, ko rubuta abin da na faɗa suka yi?"

"Naki ne, Inna. A sama an sa, bayanin mai ƙara."

"To ardo fa? Na ga ya daɗe yana magana har aka kawo masa ruwa, magatakarda yana ta rubutu. Ina nasa?"

"Babu shi a nan."

"Awon da suka yi da igiya?"

"Babu."

Sai ta matso ta nuna mini ƙasan takardar da yatsa. Ta ce kowane shafi akwai lamba: ɗaya cikin takwas, biyu cikin takwas, uku cikin takwas. Biyar ba su zo ba. Ta ce shafin farko ya jera abin da ke ciki: bayanin mai ƙara da shaidunta, bayanin wanda ake ƙara da shaidunsa, abin da aka gani a wurin, sannan hukunci. Namu ya tsaya a tsakiyar maganar shaidana na biyu.

Na ce, "Kin gani tun farko?"

"Na gani, Inna. Na ga yadda maigidana ya ƙagu ne, ga Kawu ya sha hanya. Na ji nauyi."

Ban yi mata faɗa sosai ba, don na san irin wannan nauyin. Mace a gaban mijinta da uwar mijinta, bakinta ba ya son kawo abin da zai ɓata fuska. Amma na gaya mata idonmu ne ita a kan takarda, in ta rufe rabi ba mu da wani.

Ɗana bai haƙura ba. Ya ce ai ba ƙarya ta yi ba, abin da ke rubuce ta faɗa. Ya ce danshi ba ya jira, kwana uku in aka ƙara ƙasa ta bushe, kuma in da ba mu muka ci ba da ba a sa maganarmu a gaba ba. Malama ta ce haka ake tsara irin wannan takarda, mai ƙara ne kullum a farko, ko ya ci ko bai ci ba. Ya harare ta. Na ce ya juyo da hararar wajena.

Matsalar ita ce labari ya riga ya fita. Ƙanena ya tsaya a bakin kasuwa ya shaida wa mutane takarda ta zo. Kafin la'asar mai unguwa ya aiko: a kawo ta ƙofar gidansa, an kira ardo, a karanta kowa ya ji. A nan ɗana ya sake matsowa. Ya ce su ma can ba mai jin Turanci. Ya ce Malama ta faɗi abin da ta faɗa da farko ta yi shiru, shi ke nan, ba ta ƙara ba ta rage ba.

Na ce, "Ta rage shafi biyar. In ka shuka gobe, jibi shanu suka bi ta kai, me za ka ɗauko? Na san inda ka ajiye addarka. Su ma sandunansu ba na ado ba ne."

Na sa Malama ta faɗa mini yadda za ta faɗa a can. Ta fara da gona tun kakanni. Na ce a'a, ta fara da abin da babu, don in mutane suka ji mai daɗi ko mai zafi da farko ba sa jin sauran. Sau uku ta maimaita ina gyara mata, ni da ban san baƙi ko ɗaya ba.

A ƙofar gidan mai unguwa maza sun cika tabarmi. Ardo yana gefe da 'ya'yansa biyu, sun jingina sandunansu da bango. Mu muka zauna daga bakin zaure. Bayan gaisuwa mai unguwa ya ce, "Malama, bisimilla."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, takardar nan shafi takwas ce, uku ne suka iso. Hukuncin yana cikin biyar ɗin da ba su zo ba, saboda haka ban san wanda aka ba gaskiya ba. Bayanin Ardo da shaidunsa bai zo ba, sakamakon awo ma bai zo ba. Abin da ke hannuna shi ne sunayen 'yan kwamiti, da ranar da suka zo, da bayanin Inna cewa iyakar gona rafi ce, da shaida ɗaya da ya goyi bayanta, da rabin maganar na biyu. Duk wannan abin da ɓangarenmu ya faɗa ne, kwamiti bai ce komai a kai ba tukuna. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

Wani daga baya ya ce, "To ke da kika yi karatu, ina kika ga ta dosa?"

Ta kalle ni. Na ce, "Ba duba aka kira ta yi ba."

Aka yi dariya, har da ardo. Ya ce, "Inna, ni da na ji an ce takarda ta zo ta hannun ƙanenki, na ɗauka yau sai dai in kwashe shanuna in bi ta sama."

Na ce, "Kada ka yi murna, Ardo. In sauran suka zo suka ce tawa ce, ko kofato ɗaya ba zan yarda ba."

"Na yarda. In suka ce tawa ce fa?"

"Sai in ji da kunnena, daga shafin farko har na ƙarshe."

Mai unguwa ya ce umarnin kwamiti na nan, ba shuka ba kiwo. Ya ce ɗana da babban ɗan ardo su je tare su karɓo cikakkiya, su ƙirga shafukan a gaban juna kafin su baro wurin.

Kwana huɗu aka yi, don magatakardan ya yi tafiya. A kwanakin nan muka shuka gonar sama. Ni kuwa kullum da safe nakan ɗauki kujerata in zauna a kan iyakar tsirin, ina kallon ƙasa tana bushewa. Ba shanu nake tsaro ba. Ɗana yakan wuce da sungumi a kafaɗa, ya gaishe ni a taƙaice.

Da takwas ɗin suka zo, Malama ta karanta su duka a gaban mutane, tana fassarawa. Shaidun ardo sun nuna wa kwamiti tsofaffin duwatsun iyaka guda biyu da ƙasa ta binne, waɗanda ni ban taɓa sanin da su ba. Hukunci ya ce daga duwatsun zuwa rafi burtali ne. Cikin kunya ashirin aka bar mini shida.

Ban ji daɗi ba, har yau ban ji ba, kuma ina ganin igiyarsu ta ɗan karkata. Amma da ɗana ya shiga wurin washegarin ranar farko, da irinsa yana ƙarƙashin kofato, shi kuma yana tsaye a kai da adda a wurin da ba namu ba. Ranar da aka kafa turakun iyaka na je na tsaya har aka gama, na sa aka matsar da guda ɗaya da ya shigo mini da taki biyu. Kunya shidan sai da aka sake ruwa muka shuka su, wake muka sa, don lokacin masara ya wuce.