An Ce Daban, Ya Ce Daban

Ina koyarwa a wata firamare ta unguwar New Bell lokacin da nake rubuta kundin kammala karatuna, a kan yaranmu da ke tashi da Hausa a gida su tarar da Faransanci a aji. A babin bitar rubuce-rubucen da suka gabata, na ga maƙaloli uku sun jingina magana ɗaya ga wani tsohon bincike. Ni ma na jingina masa, alhali ban taɓa ganinsa ba.

Baba, mai karantar da hadisi a zaurenmu, ya ce in fassara masa babin. Can sai ya tsayar da ni.

"Wannan mai tsohon binciken, ke kika karanta shi?"

"A'a, Baba, waɗanda suka karanta shi na karanta."

"To ki rubuta an ce. Kada ki ce ya ce."

Na ji haushi, amma na shiga nema. Mako biyu na yi kafin na samo shi a laburaren jami'a. Ashe a kan manya 'yan ajin yaƙi da jahilci aka yi shi, ba yara ba! Masu maƙalolin nan uku kwafar juna suka yi. Na rufe takardun, na rubuta da kalmomina inda suka dace da inda suka zame, kowa da shafinsa.

Ranar kare kundi, wani farfesa ya tambayi dalilin da na saɓa wa mutum uku. Na miƙa masa asalin binciken, yatsana a kan layin. Baba yana kujerar baya. Ba ya jin Faransanci, amma ya ji shirun farfesan.