Allon Mai Maganin Dabbobi

Tun ina saurayi nake zanen allunan shaguna a Tasawa. Kan aski, tukunyar tuwo, keken ɗinki, duk na zana. Sai wani ɗan kabu-kabu ya kwashe ni da babur a kan hanyar Kona, hannun dama ya karye. Ƙashi ya ɗinke, amma yatsu suka ƙi. In na riƙe buroshi sai rawa. Na rufe rumfa na koma gida ina masifa da kowa, har kajin gidan ba su tsira ba.

Ana nan sai wani tsohon abokin cinikina, mai sayar da maganin dabbobi a Gidan Amumune, ya aiko yana son sabon allo kafin kasuwa ta ci. Shi kaɗai ya rage yana nemana. Na san in na ce masa ba ni iyawa, sana'ar ta ƙare ke nan.

Autarmu ce ta tarar da ni ina huci. Tana aikin buga takardu kusa da tasha, kuma bakinta ya fi nawa kaifi.

"Yaya, kumburin me kake yi haka? Kawo in gwada maka wani abu."

Ta ciro salularta, ta rubuta wa irin na'urar nan mai ƙera hoto abin da muke so: akuya, rago da zakara, a sama kuma MAGANIN DABBOBI DA ƘWARI. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗan ja mana rai, sai ga hoto. Kai! Akuyar nan ja ce, irin tamu ta Maraɗi, har sheƙi take. Wallahi kishi ya kama ni.

Da na duba rubutun sai na tuntsire da dariya. MAGANNIN DABOBI, sannan Ƙ ɗin ta zama wata halitta mai ƙafa uku. Muka sake. Wannan karon ta gyara farkon ta lalata ƙarshen. Muka sake, ta ƙaro wasu baƙaƙe da ba boko ba, ba ajami ba.

"Ke, wannan abar ba ta shiga lakwal ta koyi boko ba ne?"

Auta ta ce ai ba rubutu take yi ba, zane take. Ta koyi aikinta ne daga kallon hotuna masu ɗimbin yawa, don haka ta san kamannin allo, ta san a sama akan ga wasu layuka masu kama da baƙaƙe, sai ta shafa abin da ya yi kama da su. Kalmar da ka ba ta ma ba harafi-harafi take karɓarta ba, gutsure-gutsure take haɗiya. In akuya ta samu ƙarin gashi, wa zai lura? Amma harafi ɗaya ya ƙaru, kowa ya gani.

"Da Faransanci gajere ne, kalma ɗaya ko biyu, sau da yawa tana dacewa," in ji ta. "Allunan Hausa kuwa kaɗan ta gani, balle baƙaƙe masu lanƙwasa a ka."

Sai ta canza dabara. Ta ce wa na'urar ta bar saman hoton fari fat, kada ta sa rubutu ko ɗaya. Hoto ya fito tsaf.

Na ce to, ta ɗora rubutun da injinta na ofis, tun da shi injin, harafin da ka danna shi yake fitarwa.

"Zan iya. Amma ba zan yi ba. Kai za ka rubuta."

Na zazzaga mata masifa, na ce ta raina ni, ta zo gidana tana yi mini ba'a da hannu. Ko gezau. Ta aika Maraɗi aka bugo hoton a kan leda mai kauri, ta shimfiɗa mini a tsakar gida, fili fari a sama, ta yi tafiyarta.

Na daɗe ina hararar ledar nan. Daga baya na ɗauko zare na shafa masa alli, na buga layi. Ashe manyan baƙaƙe ba yatsu ke ja ba, kafaɗa ce. Na ɗaure buroshi a tafin hannu da tsumma. M ta fito a karkace kaɗan. A ta fi ta. Da na iso Ƙ na lanƙwasa mata kai yadda ya kamata, hawaye ya zubo mini, ban ɓoye ba.

Mai maganin ya zo da kansa. Ya tsaya ya karanta da ƙarfi, kalma-kalma, ya ce maƙwabcinsa mai dusa ma yana son irinsa.

Har gobe haka muke aiki, Auta ta fitar da hoto ta bar mini fili. Na gode wa Allah, na gode wa yarinyar nan mai taurin kai, har na'urar ma ina gode mata da ta kasa.

Ran da na rubuta allon farkon nan, da yamma uwar yarana ta ɗauki rigata za ta wanke, ta ga baƙin fenti ya ɓata gabanta duka. Ta buɗe baki za ta fara faɗa, sai ta fasa, ta tuna rabonta da ganin fenti a kayana. Ta daɗe tana riƙe da rigar.

"Malam," ta ce, "gobe ka sa tsohuwar. Wannan ta Juma'a ce."