Na Goma a Jerin Alƙalami

A ofishin tallan, Alƙalami ake kiransa, har masinja bai san sunansa na yanka ba. Da can malamin firamare ne, sai wani ya lura duk abin da ya faɗa yara na haddacewa, ya jawo shi aikin rubuta taken talla. Teburinsa na bayan na'urar buga takardu, inda zafi ke taruwa. Mutum ne mara hayaniya: a ofis "to, Oga", a gida "to, Inna". Matarsa kan tsokane shi cewa duk bakinsa a takarda yake ƙarewa.

Da wani kamfani ya fito da sabon garin sabulun wanki, Oga ya ce masa, "Take goma suke so, kowanne ta hanyarsa daban zai ja mai saye. Ka san yadda muke yi."

Ya sani. Uku ake yi wa aiki, sauran cikon benci ne, a ƙarshe kuma a sa mummuna ɗaya don masu kyan su haska.

Ya fara da araha: "Cokali ɗaya, bokiti guda." Ya bi ta ƙamshi, ya bi ta saurin gama wanki, ya bi ta kimiyya, wato sinadarin da ke narkar da maiƙo. Ya sa shaidar mai wanki da guga, da "duk layinku sun koma, saura ke", da na barkwanci, da na ƙaunar uwa. Wanda ransa ke so shi ne na tara: "Wanki ya fita, hannu ya huta."

Saura na goma, na kunyatarwa, kansa kuwa ya ƙafe. Sai ya tuno ranar da Inna, mahaifiyarsa, ta zo musu kwana biyu, ta ɗaga rigarsa daga igiyar shanya, ta juya wuyan a gaban matarsa ta ce, "Ni wuyan rigar miji nake dubawa in san wace irin mata ce a gidan." Matar ta shige ɗaki da kuka, shi kuma ya tsaya yana kallon silifas ɗinsa. Ya rage maganar ta zama "Wuyan rigar mijinki ke faɗin wace ce ke", ya sa a ƙasan jerin. Wa zai zaɓi wannan?

Lauyan kamfanin ya soke na araha da na kimiyya, wai hukumar tace talla za ta nemi sakamakon gwaji, ba su da shi. Na tara ma ya bi su, don ba wanda ya gwada garin a fatar hannu. Sauran aka karanta wa wasu matan aure da aka tara a ɗakin taro don jin ra'ayinsu, Alƙalami na gefe yana saurare. Na goma ya tayar da ƙura. Wata ta ce, "Wanda ya rubuta wannan ba shi da mata." Da aka sake kiransu bayan mako guda, shi kaɗai suka iya maimaitawa kalma da kalma.

"Shi ke nan, mun samu!" in ji mai kamfanin.

Alƙalami ya bi Oga har bakin mota. "Oga, don Allah a canza. Cikon benci ne fa. Matan nan haushi suka ji."

"Haushi suka ji, amma sun manta? Kai ma ka san mantuwa muke tsoro, ba fushi ba. An riga an miƙa wa hukuma, gobe za a naɗi murya."

Ya yi niyyar gaya wa matarsa. Kullum da niyyar yake shiga gida, sai ya tarar tana durƙushe gaban baho, ya ce sannu da aiki, ya wuce. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba, kuma ya san tsoro ne.

Wata Asabar da hantsi yana zaune a dakalin tsakar gida, ita tana cuɗa rigunansa, rediyon maƙwabta ya saki tallan, har da kiɗa. Ƙaramar 'yarsu ta kama amshi tana tsalle, ashe tuni suka haddace a makaranta. Hannun matar ya tsaya cikin kumfa.

"Baban yara, naku ne wannan?"

"Ba shi na so su ɗauka ba, wallahi. Guda goma na ba su, wannan ciko ne kawai..."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Ranar da Inna ta faɗa, mu uku ne a wurin," ta ce. "Da ka yi shiru, na yi maka uzuri, na ce nauyin mahaifiya ne ya ɗaure maka baki. Ashe haddacewa kake yi."

Ta juya wuyan rigar, ta ci gaba da cuɗawa.