Tallar buhun wake

Yayana ya sayar da shanun huɗarsa ne a shekarar da na fara rubuta talla. Bijimai biyu ne, da su yake noma gonarmu ta gado a Wurma, ya kuma yi wa mutane ƙodago. Wani kamfani ya kawo buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki, in ka ɗaure shi tamau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Suna neman dila a Dutsin-Ma da Kurfi. Yaya ya gwada buhu ɗaya a gida, ya ga gaskiya ne, sai ya kai shanun kasuwa ya saro kaya ya cika shago. Lissafinsa shi ne kafin damina ta zagayo ya mayar da shanun, har da ƙari.

Ni kuwa lokacin ina wani ɗan ɗakin ɗaukar murya a Dutsin-Ma, muna yi wa masu maganin gargajiya da masu makarantu talla. Yaya ya yi ta roƙo har kamfanin ya yarda a ba ni aikin Hausar. Ranar har kaza ya sa aka yanka.

Wanda ya turo min aikin wani saurayi ne a ofishin masu shirya musu talla a Kano. Ya turo rubutun Turancin ta waya, ya ce kada ya wuce minti ɗaya, kuma in haɗa da fassarar Hausata zuwa Turanci, don manyansu na Legas su ga abin da na ce kafin su sa hannu. Na karanta, na sake karantawa, raina ya ɓaci. In an bi shi kalma da kalma, ga abin da yake cewa: ka zama manomi mai wayo, ka wuce maƙwabcinka, ajiye yau, sayar gobe, ninka ribarka.

Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama a majalisar ƙauye ba, wallahi. A wurinmu wa yake fitowa ya ce ya ɓoye hatsi yana jiran tsada? Ana yi, kowa ya san ana yi, amma a ɓoye, kamar cin bashi. Mai yin haka sunansa mai ɓoye abinci, liman ma da shi yake huɗuba in farashi ya hau. Maƙwabcin da ake cewa ka wuce, shi ne zai zo maka da kwano in nasa ya ƙare. Ga kuma halin da ƙauyukanmu suke ciki: mutum ko akuya ya saya ba ya so a sani, don ba ka san kunnen da zai kai labari daji ba.

Sai na ajiye Turancin gefe, na rubuta hira tsakanin mutum biyu a bakin rumbu. Ɗaya ya ɗebi wake ya ce, Malam, wannan na bara ne kuwa, ko huda ɗaya babu? Wane magani ka zuba? Ɗayan ya ce ba magani, buhu ne. Ka busar da wakenka sosai, ka ɗaure, ƙwaro ba shi da iskar shaƙa. Yara su ci hankali kwance, iri kuma ya kai shuka. Ban ambaci riba ba ko sau ɗaya. Mai hankali ya san sauran, ba sai an buga masa ganga ba.

Na karanta wa tsohuwarmu, ta ce ai ta ɗauka labarin wasu nake ba ta. Na ji daɗi har cikin raina.

Da na mayar da shi Turanci kuwa, ni kaina na ga ya koma lami. Mutum biyu suna surutu a kan wake, shi ke nan. Bayan kwanaki saurayin ya kira. Ya ce shi ya gane, shi ma ɗan ƙauye ne, amma Legas sun ce ba su ga wayo ba, ba su ga riba ba, kuma taken nan shi ake amfani da shi a duk ƙasar, ba a taɓa shi. Na yi masa bayani, na ɗaga murya, har na ce su zo kasuwar Kurfi su faɗa da bakinsu in sun isa. Ya bari na gama.

"Malam," ya ce, "ko ka fassara yadda yake, ko in ba wani a nan Kano ya yi min yau. Ni ma aike ne."

Na je wurin Yaya da niyyar mu ƙi. Ya ce kamfani ne ke biyan rediyo da motar shela, kuma sharaɗin dillancinsa ke nan, ba ya tallata kayansu da kalmar da ba su yarda da ita ba. Wake ya riga ya fara shigowa kasuwa, kuma buhun ajiya in kaka ta wuce sai wata shekara. Ya ce mutanen da suka iya ƙera buhun nan, ai sun fi mu sanin yadda ake sayar da shi. In yi musu abin da suke so.

Na yi. Na goge inda zan iya gogewa, amma ƙashin maganar yana nan. Mai karanta mana talla da ya zo kan "ka wuce maƙwabcinka" sai da ya cire abin kunne ya dube ni. Na ce karanta kawai.

Ranar kasuwar Kurfi ina tsaye a rumfar Yaya motar ta shigo, lasifika tana ta zuba. Buhun ga shi da launi mai ɗaukar ido, daga nesa ake gane shi. Wani dattijo ya tsaya, ya shafa ledar, ya tambayi kuɗi, har ya sa hannu aljihu. Sai wani daga rumfar gefe ya ce masa, a'a Baba, an zama manomi mai wayo ke nan, mu maƙwabta sai mu yi haƙuri. Aka kwashe da dariya. Dattijon ya zare hannunsa, ya ce tambaya kawai yake yi, shi ina ya ga waken ajiya.

Kafin kasuwa ta zagayo sunan ya bi buhun: buhun masu wayo. Daga Karofi har Shema haka ake ce masa. 'Yan ƙalilan da suka saya, naɗewa suke yi su cusa cikin tsohon buhu kafin su hau babur. Manyan 'yan kasuwa kuwa, waɗanda ba su jin kunyar ajiya, kai tsaye suke saro nasu daga Kano. Yaya ya ce ko za mu saki tallata ta farko a ɓoye ta waya, mun saki, amma sunan ya riga mu nisa.

Da kaka ta wuce kamfanin ya ce yankinmu bai karɓi kayan ba, suka daina talla a nan. Saurayin ya gaya min a taronsu an ce wataƙila Hausar ce ba ta yi ƙarfi ba.

Ruwan farko na je Wurma. Na tarar da Yaya a gona, shi kaɗai da garmar hannu, ya ja 'yan kunyoyi kaɗan, sauran fili yana kwance. Masu shanu sai sun gama nasu suke zuwa na wani. Ya zauna a gindin bishiya yana haki, ya ce in sake faɗa masa waccan, ta mutum biyun. Na faɗa, da muryoyin duka.

Ya dubi gonar.

"Da ni na ji wannan," ya ce, "da na saya."

Ya tofa yawu a tafinsa, ya ɗauki garmar.