Anti Tela da ƙararrawar falowas

Wallahi Antinmu ba ta yarda da kowa ba, ko almakashinta ɗaure yake da igiya a jikin keken ɗinki. Ƙanwar babana ce, tela ce, shagonta ɗan ƙarami a ƙarƙashin bene, nan nake koyon ɗinki. Kwastomominta duk ta shafinta na intanet suke zuwa, ta sa hoton riga a yi ta magana a kawo yadi. In babu shafin nan babu aiki.

Shi ne ɗanta ya sa mata wata manhaja a waya, in falowas, wato masu bin shafin, sun ragu da yawa lokaci ɗaya ko an taƙaita shafin sai ta yi ƙara. Amma adadi kawai take faɗa, ba ta kawo suna.

Rannan da hantsi muna yanka sai ƙiiit! Falowas ɗari uku sun tafi. Anti ta kalli shagon da ke kallon namu, na wata tela da take kira Mai Gilashi.

"Ita ce. Jiya ta gaishe ni har sau biyu, ina dalili?"

Ta kira ɗanta, ya ce, "Umma, ƙila kamfanin shafin ne ke share asusun bogi, suna yi lokaci-lokaci. Kar ki taɓa komai."

Ta kashe ta ce, "Shi ma an saye shi."

Sai ta zauna ta hau bulokin, tana toshe mutane daga shafin. Duk wanda ya taɓa yi wa Mai Gilashi kwament, bulok. Wanda bai sa hoto ba, ɗan leƙen asiri ne, bulok. Na ce Anti wanda kika yi bulokin fa fita yake daga falowas ɗinki, ta ce, "Ke ma na ga kina yi wa Mai Gilashi murmushi, rufe min baki." Ai kuwa sai ƙiiit, sun ƙara raguwa! Ta ce kin gani ko, har yanzu suna aiki. Ta ƙara wuta, ta hau cire duk waɗanda take bi, yatsa kamar allurar keke.

Ƙara ta uku daban ce. An taƙaita shafin, wai ana abu da sauri kamar na'ura, ba fostin ba kwament sai bayan kwanaki.

Da yamma sai ga Hajiya mai makaranta, wadda ta kawo ɗinkin yunifom na ɗalibanta duka.

"Baiwar Allah, me na yi miki? Na nemi shafinki in turo awo, babu. 'Yata ta duba a wayarta, ga shi nan. Bulokin ɗina kika yi?"

Anti ta ce, "Hajiya, ai ba ki sa hoto ba ne."

Hajiya ta sa direbanta ya kwashe yadin. Muna kallo ya tsallaka titi da shi zuwa shagon Mai Gilashi.

Anti ta ce, "Dama tare suke."