Saƙon da aka karanta a wajen makoki

Shekara goma sha ɗaya na yi ina sayar da turaren wuta da humra a Zango, babu wanda ya taɓa ce mini ban iya tarbar baƙo ba, sai da ƙanen mijina ya dawo daga Yamai. Kwana biyar ya yi can a wani horo na kasuwanci, ya dawo da jakar rataye da takardar shaida wadda ya sa aka lulluɓe da roba. Shi da bai taɓa sayar da ko ashana ba, ya shigo shagona yana duban kwalabe kamar likita a ɗakin marasa lafiya.

"Yaya, kasuwancinki ba shi da tsari," in ji shi. "Ba ni wayar."

Na ba shi don kunyar yayansa. Ya mayar da lambata kan manhajar saƙonni ta 'yan kasuwa, ya ce zai sa mini saƙo biyu masu tafiya da kansu. Na maraba yana zuwa ga wanda ya rubuto karon farko, ko wanda aka yi kwana goma sha huɗu ba a yi magana da shi ba. Ɗayan kuma yana gaya wa mutum ba na kusa. Na ce ya rubuta da Hausa. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya rubuta da Faransanci irin na takardar gwamna. Ya sha lemona biyu ya tafi.

Masu sayen kayana mata ne, rabinsu da murya suke aiko saƙo. Cikin kwana uku suka fara tambayata ko na sayar da shagon ne. Wata tana tsaye a gabana, ta turo mini hoton kwalbar da take so, wayata ta amsa mata cewa biro, wato ofis, a rufe yake. Shagon da tabarma biyu ke cika shi, shi ne biro.

Ranar da abin ya ɓaci ina bayan gida ina soya turare, wayar tana shago a jikin caji, a buɗe kan rezo, wato intanet. Mijin gwaggona ya rasu a Droum. Gwaggo, wadda ta goye ni, ta sa aka danna mata ta yi mini magana tana kuka. Nan take saƙo biyu suka koma mata. Ba ta karatu, sai aka kai wa mushen lakwal, malamin makarantar boko da ke zaune cikin masu gaisuwa, shi kuwa ya fassara da ƙarfi: ana yi mata maraba, ana godiya da sha'awar da ta nuna ga kayanmu, yanzu ba ma nan, amma wakilinmu zai tuntuɓe ta.

Sai bayan azahar na ji muryarta. Na isa Droum an daɗe da dawowa daga maƙabarta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba, can ta ce, "Ke ce wakilin, ko yana tafe?"

Da na dawo na aika aka kira ƙanen mijin nawa. Ya yi mini ta'aziyya a tsaye, sannan ya ce ai manhajar ta yi aikinta daidai, mutanen ƙauye ne ba su waye ba. Na dube shi, na dubi takalminsa mai tsini da yayansa ya saya masa.

Na yi lakwal har aji shida, ina iya haɗa baƙi. Washegari da safe na zauna da wayar ina bin wuraren ɗaya bayan ɗaya. Ashe a saƙon ba na kusa akwai zaɓi uku: a aika kullum, ko a wani lokaci da mutum ya ware, ko bayan an tashi aiki. Gwanin namu na farkon ya danna, wato kullum, don na ukun sai an fara shigar da lokutan buɗe shago, shi kuwa bai tambaye ni ƙarfe nawa nake buɗewa ba. Wajen waɗanda za a aika wa kuma ya bar shi a kan kowa da kowa, alhali a ƙasansa akwai zaɓin waɗanda lambarsu ba ta cikin wayata. Abin da layi biyu na karatu zai raba shi da shi ke nan.

Na shigar da lokutana, takwas zuwa magariba, Juma'a rabin yini. Duka saƙonnin biyu na mayar da su ga baƙin lambobi kawai. Na goge Faransancinsa na rubuta: "Sannu da zuwa, me za a kawo miki?" Ɗayan kuma: "Na rufe shago, in Allah ya kai mu safiya zan amsa miki."

Gwaggo ta yi wata biyu kafin ta sake kirana. Shi kuwa na ji yana bin shagunan layinmu da takardarsa, yana cewa shi ya tsara nawa. Mai sayar da atamfa da ke kusa da ni ta zo ta tambaye ni ko ta ba shi wayarta. Na ce ta zauna, na ɗauko tawa na nuna mata.